Yadda ake raba kuɗin buhun wake tsakanin maƙwabta idan kowa da yawan da zai ɗauka

Buhun da kuka saya a kasuwa da sunan mudu tamanin, in kun kawo shi gida kun auna, da wuya ya ba ku tamanin cif. Wani lokaci ya ba ku saba'in da takwas, wani lokaci saba'in da huɗu, ran da aka yi sa'a ya ɗan haura. A kan wannan 'yar tazarar ake samun yawancin saɓanin sayayyar haɗin gwiwa a unguwa. Mutane suna yanke farashin mudu tun suna gida, kafin su ga buhun, sannan in an zo rabo kuɗi ya ƙi haɗuwa, sai a fara kallon wanda aka aika kasuwa. Ni ma na taɓa zama wanda ake kallon. Tun daga ranar na koma yin abin a jere kamar yadda zan bayyana, kuma ƙashin bayansa ɗaya ne: ba a sanin kuɗin mudu sai an gama awo a gida.

Zan bi misalin wake buhu biyu da gidaje biyar a layinmu na Badarawa. Farashin da zan sa na misali ne don lissafin ya fito fili, ku sa na ranar da kuka je kasuwa a madadinsa.

Kafin kowa ya ciro sisi

A fara da rubuta abin da kowa yake so, da ma'auni ɗaya. Mu a Kaduna mudu muka fi sabawa da shi, amma wanda ya taso a Zariya zai ce tiya, Bakano ya ce kwano, kuma ba girmansu ɗaya ba. Kada a bar wani ya ce "rabin buhu" wani ya ce "mudu ashirin" a takarda ɗaya. A mayar da komai mudu, kuma a fito da mudun da za a yi awon da shi kowa ya gan shi, domin mudun ma wani ya fi wani ciki.

A wannan karon mai ƙosan bakin layi ta ce mudu 60, Hajiya ta gidan kusurwa 40, gidana 30, Malam mai makarantar allo 20, amaryar da ba ta daɗe da tarewa ba 10. Jimla 160, wato buhu biyu a bisa ƙiyasin tamanin-tamanin. In jimlar ta tsaya a tsakani, kamar 140, kada a tafi kasuwa da fatan wani zai ƙara daga baya. Ko dai a nemo mutum na shida, ko waɗanda ke ciki su ƙara yanzu da bakinsu, ko a sayi buhu ɗaya a cike sauran da awo. Ragowar da ba ta da mai ita kan wanda ya shirya sayayyar take komawa.

Sai a ji farashi. A aika ko a buga waya wuri biyu aƙalla, misali kasuwar Kawo ranar Talata da Kasuwar Bacci, a tambayi kuɗin buhu da kuɗin mudu na irin waken da ake so. Kuɗin mudun nan na 'yan awo shi ne madubinku. In bayan duk ɗawainiya mudunku zai tashi kusa da shi, to wahalar ba ta da riba, kowa ya je ya yi awonsa. Mu mun tarar da buhu naira 90,000, mudu kuma 1,500.

Abu uku ake yankewa a wannan zaman, da baki, a gaban kowa. Na farko, duk kuɗin da aka kashe a hanya za a zuba shi a kan waken. Na biyu, in buhu ya gaza, kowa zai ragu gwargwadon abin da ya nema. Na uku, wanda zai je kasuwa ɗan aike ne ko ɗan kasuwa. Na ukun nan mutane ke jin nauyin faɗa. In ɗan aike ne, ba ya ɗora ko kwabo a kan farashi, amma a biya masa kuɗin mota, in ma an ga dama a yanka masa ladan wahala, a rubuta shi cikin kuɗin da aka kashe. In kuwa yana son cin riba ne, babu laifi, sai ya sayo da kuɗinsa ya sayar wa maƙwabta a farashin da ya faɗa. Abin da ke ɓata zumunci shi ne mutum ya tafi a matsayin wakili ya dawo da ribar da bai ambata ba.

Tara kuɗi, da ɗan ɗori

Buhu biyu 180,000 ne, mun ƙiyasta ɗawainiya za ta ci wajen 12,000, jimla 192,000. In ka raba da 160 mudu ya tashi 1,200. Ba a kan 1,200 muka tara ba, a kan 1,300 muka tara. Dalili shi ne farashin da ka ji ranar Lahadi ba lalle ka tarar da shi ranar Talata ba, kuma mayar wa mutum canji ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan komawa ƙofar gidansa neman ciko. Mai ƙosai ta ba da 78,000, Hajiya 52,000, ni 39,000, Malam 26,000, amarya 13,000. Aka samu 208,000.

Kowa ya biya kafin a tafi. Wanda ya turo ta banki a rubuta, wanda ya kawo tsaba a ƙirga a gabansa a rubuta. In wani ya ce a ranta masa zuwa ƙarshen wata, kada a ranta daga kuɗin jama'a. Mutum ɗaya ya ɗauki nauyin biya masa, ya zama bashi ne tsakaninsu su biyu, takardar sayayya kuma ta nuna an biya. Haka nan a faɗa tun yanzu cewa da zarar an sayi kaya babu janyewa. Wanda ya fasa sai ya karɓi wakensa ya nemi wanda zai sayar wa.

A kasuwa

Mutum biyu suka fi dacewa su je, ɗaya yana ciniki ɗaya yana rubutu. Ba don rashin yarda ba ne kawai. Mutum ɗaya da ke fama da dillali da 'yan dako da mai keke ba ya iya tuna kowace ɗari biyar da ta fita daga aljihunsa, kuma waɗannan ƙananan su ne suke taruwa su zama gibi.

A sa a kwance bakin buhun, a zura hannu har ƙasa-ƙasa, a kuma tsikaro daga gefe da gindi, domin saman buhu kowa ya san da mai kyau ake rufe shi. A duba huda, a duba gari. In lokacin kaka ne, wajen Nuwamba da Disamba da sabon wake ke shigowa, a gatsa ƙwara ɗaya. Busasshe yana fashewa ƙas, mai ɗanye haƙori yake shiga. Mai ɗanye zai motse bayan kwanaki, mudun da kuka biya ya ragu yana ajiye. In akwai sikeli a kusa a ɗora buhunan, ko da kuɗi ne, a rubuta nauyin kowanne.

Ga abin da takardarmu ta nuna da muka dawo: wake 180,000, la'adar dillali 2,000, cajin mai POS wajen cirar kuɗi 2,000, dako zuwa bakin titi 1,000, keke zuwa Badarawa 5,000, saukewa da shigarwa gida 1,000, kuɗin motar tafiya 1,000. Ɗawainiya 12,000, jimla 192,000. Ruwan leda da gyaɗar da muka ci a hanya ba su shiga ba. Ƙaramin abu ne, amma ranar da wata ta ga "abinci" a takarda, ranar za ta fara shakkar sauran layukan.

Awo

Nan ne aikin yake, kuma a ranar da kaya suka iso ake yin sa, da wakilin kowane gida a wurin. Buhun da ya kwana a gidan mutum ɗaya ba a auna ba, in ya gaza da safe, ko waliyyi ne mai gidan sai an yi zargi a zuci.

A shimfiɗa babbar leda ko tabarma mai tsabta. A auna kowane buhu daban tukuna, don a san abin da kowanne ya bayar. Mutum ɗaya ne zai yi awon daga farko har ƙarshe, da mudu ɗaya, da cika iri ɗaya. In da tozo aka fara, da tozo za a gama. In shafewa ake yi, a shafe wa kowa. Hannu biyu ba sa awo ɗaya, wani yana tara tozo har ya zubo, wani yana girgiza mudun wake ya zauna, kuma a mudu ɗari da hamsin wannan bambancin yana iya cinye mudu uku ko huɗu. Wani kuma ya zauna gefe yana ajiye tsakuwa ɗaya duk mudu goma, saboda ƙirga da hira ba sa tafiya tare, kuma ba a taɓa awo a gidan Bahaushe babu hira ba.

Buhunmu na farko ya ba da 78, na biyu 74. Jimla 152. Sai muka haɗe su wuri ɗaya muka cuɗanya sosai. Wannan matakin kada a tsallake shi. Na biyun ya fi ƙananan ƙwara da karyayye, kuma da an ce wannan ya ɗiba daga na farko wancan daga na biyu, da an biya kuɗi ɗaya a kan wake iri biyu. Bayan cuɗanyawa aka bi shi da rariya, gari da ƙasa da ɓawo suka fita kusan mudu biyu. Ba tsinta muka yi ba, wannan aikin kowace mace ne a gidanta. Tankaɗe dattin da ke taruwa a gindin buhu kawai aka yi, don kada ya faɗa wa wanda aka auna wa a ƙarshe. Aka sake aunawa, wake mai rabuwa ya tsaya a 150.

Yanzu ne ake fitar da farashi. Duk abin da aka kashe, a raba shi da abin da aka samu: 192,000 a raba da 150, mudu ya tashi naira 1,280. Har yanzu ya gaza na kasuwa da 220, sayayya ta yi riba.

Ku duba abin da zai faru da an tsaya a kan 1,200 ɗin farko. Mudu 150 sau 1,200 zai ba da 180,000. Saura 12,000 ba su da mai biya, kuma wanda ya je kasuwa ne zai wayi gari da su a wuyansa. Haka ta faru da ni a karon farko da masara, na yi shiru na cike daga aljihuna saboda kunya, ana ta yi mini godiyar arha.

Raba gibin

An nemi 160, an samu 150. An rasa goma, wato ɗaya cikin kowane goma sha shida. Hanyar lissafin ita ce a ɗauki abin da mutum ya nema, a ninka da 150, a raba da 160. Mai ƙosai ta tashi da 56 da kwata, Hajiya 37 da rabi, ni 28 da ɗan ɗigo, Malam 18 da kwata uku, amarya 9 da abin da bai kai rabi ba. Babu mai iya auna ɗigo da mudu, don haka sai a daidaita zuwa rabi mafi kusa: 56, 37 da rabi, 28, 19, 9 da rabi. A tara a gani ko ya koma 150. Ya koma. In bai koma ba, a gyara a kan mai kaso mafi girma, ita ce ba za ta ji rabin mudu ba.

Abin da ke kwantar da hankali a nan shi ne, tunda kowa abin da ya karɓa zai biya, daidaitawar ba ta cutar da kowa a kuɗi. Wanda aka ƙara wa kwata zai biya kuɗin kwata, wanda aka rage wa ba zai biya ba. Shi ya sa ma akwai damar sassauci. Da amarya ta ce tana son gomanta cif, Hajiya kuma ta yarda ta sakar mata rabin mudu, lissafi bai lalace ba, lambobi biyu kawai za a sauya. Sharaɗin dai mai sakin ya saki da bakinsa, kada a yanke masa.

Ga yadda kuɗin ya kasance a kan 1,280:

Mai ƙosai, mudu 56: 71,680. Ta ba da 78,000, canjinta 6,320.
Hajiya, mudu 37 da rabi: 48,000. Ta ba da 52,000, canjinta 4,000.
Ni, mudu 28: 35,840. Na ba da 39,000, canjina 3,160.
Malam, mudu 19: 24,320. Ya ba da 26,000, canjinsa 1,680.
Amarya, mudu 9 da rabi: 12,160. Ta ba da 13,000, canjinta 840.

Gwajin lissafi biyu ne. Kuɗin da kowa ya biya in an tara ya zama 192,000 daidai. Canjin da za a mayar in an tara ya zama 16,000, wato 208,000 a cire 192,000, kuma wannan 16,000 ɗin a ƙirga ta a hannu a gani. In takarda ta ce 16,000 aljihu ya ce 15,500, akwai ɗari biyar da aka kashe ba a rubuta ba, a nemo ta kafin a raba canji. Canji mai ƙananan lambobi kamar 6,320 ya fi sauƙi ta banki. In da tsaba ne, a rage zuwa hamsin ko ɗari mafi kusa, abin da ya saura a ba yaran da suka riƙe buhu, da sanin kowa.

Wajen zubawa kowa a buhunsa, a bi zagaye. A zuba wa kowa biyar-biyar ko goma-goma ana juyawa, maimakon a cika wa mai ƙosai hamsin da shidanta sannan a koma kan na gaba. Awon ƙarshe kan ɗan bambanta da na farko, kuma in an bi zagaye, ƙarin ko ragin rabin mudu yana fitowa ne a lokacin da kowa yana da sauran karɓa.

Me ya sa ba a raba kuɗin keke daidai-wa-daida

Wannan ce gardamar da ta fi dawowa. Wani zai ce mu biyar ne, keke ɗaya ce, a raba kuɗinta biyar. A kunne kamar adalci. Mu gwada da lambobinmu. Ɗawainiya 12,000 a raba biyar, kowa 2,400. Waken kansa 180,000 a raba 150, mudu 1,200. Amarya za ta biya 11,400 na wake da 2,400, jimla 13,800, mudunta ya tashi wajen 1,450. Mai ƙosai za ta biya 67,200 da 2,400, jimla 69,600, mudunta wajen 1,240. Wato amarya ta shiga haɗin gwiwa ta samu ragin naira hamsin kacal a kan na kasuwa, ta kuma biya wa mai ƙosai dakon kayanta.

Da na nuna wa mai ƙosai haka sai ta ce, "To Baban Ummi, ai in ban da sittin ɗina da ba ku cika buhu biyu ba." Na ce, "Gaskiya ne Yaya, amma in ban da ɗarinmu ke ma da awo za ki yi a dubu ɗaya da ɗari biyar." Ta yi dariya, aka wuce wurin. Nauyi keke ta ɗauko, la'ada a kan buhu aka biya, cajin POS a kan yawan kuɗi yake. Duk suna bin yawan kaya, don haka su bi mudu.

Akwai kuɗin da ba ya shiga tukunyar kowa. Hajiya ta so a kai rabin nata gidan 'yarta a Rigasa, wannan kuɗin keken nata ne ita kaɗai. Wanda yake son buhun PICS don ajiya saboda ƙwari, ya sayi abinsa. Tambayar da za a yi wa kowane kuɗi ita ce: da wannan mutumin ba ya cikinmu, da an kashe wannan kuɗin? In amsar a'a ce, nasa ne.

In kaya sun haɗu iri biyu

Sau da yawa tunda an je, sai a ce a haɗo da jarkar man gyaɗa mai lita 25, kuma ba duk masu wake ne masu mai ba. A buɗe wa man takardarsa daban. Kuɗin saye da la'adarsa nasa ne. Keke da dako kuwa a raba su da nauyi: jarkar ta kai kusan kwatan babban buhu, buhu biyu kwata takwas ne, da ita tara, don haka man ya ɗauki kashi ɗaya cikin tara na kuɗin keken. Shi ma sai an ɗura shi a kwalabe an ƙirga sannan a yanke kuɗin kwalba, domin wani yana maƙalewa a jikin jarka, wani yana bin mazurari. Jarkar kanta kuɗi ce. Wanda zai riƙe ta ya faɗi abin da zai biya, a cire daga jimlar kafin a raba.

Kayan da mudu ba ya aunawa, kamar ƙwaryar doya ko kwandon tumatir ko buhun albasa, sai a aro dabarar watanda. A mayar da buƙatar kowa kashi-kashi, mai ƙarami kashi ɗaya, mai ninkinsa biyu, haka har sama. A kasa kayan kashi daidai da jimlar, ana raba manya tukuna, sannan matsakaita, sannan ƙanana, a fitar da ruɓaɓɓu gefe tun kafin kasawa. Wanda ya kasa ba shi ke zaɓe ba. A sa yaro ya juya baya, a nuna kashi a tambaye shi na wane ne, ya faɗi suna. Mai kashi uku sunansa zai fito sau uku, kuma kuɗin kashi ɗaya sau uku zai biya.

Takardar nan kada a yar da ita bayan an watse. A ɗauki hotonta a tura wa kowane gida, har da maigidan da ya ba da kuɗi bai zo wurin awo ba, domin shi ne zai tambayi dalilin da ya biya kuɗin ashirin aka kawo masa sha tara da canji. Kuma a karo na gaba da ita za a fara: mun riga mun san da mudunmu kowane buhu mudu saba'in da biyar yake bayarwa bayan tankaɗe, don haka a kan saba'in da biyar muke karɓar sunaye yanzu.